Baki Daban, Murya Daban: Gyaran Sawunba da Talabijin

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Yau maganarmu a kan doguwar sifikar nan take, wadda ake shimfiɗewa a ƙarƙashin talabijin, 'yan kasuwa suna kiranta sawunba. Duk wanda ya ratsa shagunan kayan wuta na Kasuwar Sabon Gari ko na wajen PZ ya gan ta, sabuwa a kwali ko ta hannu, kuma ta shiga ɗakunan ɗalibai a Samaru da falon amare da gidajen kallon ƙwallo. Dalilin karɓuwarta a fili yake. Talabijin ɗin zamani ya yi siriri har babu wurin da za a sa masa sifikar kirki, sai mutum ya ƙara kuɗi ya sayo sawunba don murya ta fito da nauyi.

To sai ga wata sabuwar damuwa. Mai karanta labarai ya buɗe baki ya rufe, sannan ka ji kalmar. Ko kuwa ka ji kalmar, sannan bakin ya biyo baya. Mai gida ya ɗauki rimot ya shiga lalube, ya sami wani wuri da aka rubuta Audio Delay, ya yi ta ƙarawa, abin kuma ya ƙara lalacewa. Gobe da safe a naɗe sawunba a koma da ita shago ana cewa jabu ce. Galibi lafiyarta ƙalau.

Abin da nake so ku riƙe kafin komai shi ne tambaya guda: wane ne ya riga, muryar ko bakin? Matsala biyu ce mai kama da juna, maganin ɗaya kuwa yana ƙara wa ɗayar ciwo.

Ga yadda za ka gane. Ka nemi tashar da mutum ke zaune yana fuskantar kyamara, kamar mai karanta labarai ko malami mai wa'azi. Ka zuba wa laɓɓansa ido, ka jira kalmomin da ba a iya faɗarsu sai an haɗe laɓɓa, irin su baba, mama, ɓera, bismillahi. Idan ka ga laɓɓan sun haɗe sun buɗe sannan sautin ya iso, murya ce ta makara. Idan kunnenka ya riga ya ji “ba” laɓɓan ba su gama haɗuwa ba, murya ce ta yi gaba. Idan an rufe ƙofa ko an yi tafi a cikin shirin, wannan ma ya fi sauƙin kamawa.

Amma don Allah kada ka yi gwajin nan da fim ɗin Indiya na fassarar Hausa. Jarumin da Hindi ya yi maganarsa, aka ɗora masa Hausa daga baya, babu saitin da zai sa bakinsa ya dace. Kada kuma ka yi da waƙar fim, don a sutudiyo aka rera ta, 'yan wasa bin ta kawai suke yi da baki. Ƙwallo ma ba ta da amfani a nan, tunda ba ka ganin bakin mai sharhi, kuma makirfon da ke ɗaukar ƙarar bugu yana can gefen fili.

Akwai gwaji na biyu mai raba gardama. Ka kashe sawunba, ka mayar da sauti kan sifikar talabijin ɗin kansa, ka kalli tashar nan dai. Idan har yanzu baki da murya ba su daidaita ba, to ka wanke sawunba daga zargi, matsalar daga tasha take ko dikoda ko fim ɗin. Idan kuwa komai ya koma daidai, to mun san a hanyar da ke tsakanin talabijin da sawunba ɓarakar take.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu ga inda jinkirin ke fitowa. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa milisakan, wato a raba daƙiƙa ɗaya gida dubu a ɗauki ɗaya. A allo za ka ga an rubuta shi ms. Tsarin talabijin ɗinmu na Najeriya yana nuna cikakken hoto 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka kowane hoto ɗaya yana cin milisakan 40. Ka riƙe wannan arba'in ɗin, za mu yi lissafi da shi.

Hoto da sauti tare suke fitowa daga dikoda, amma da sun shiga talabijin sai kowa ya kama hanyarsa. Shi hoto ana tsayar da shi a gyara shi: a faɗaɗa shi ya cika allo, a rage masa dishi-dishi, a daidaita launi. Wasu talabijin ɗin har ƙirƙirar sababbin hotuna suke yi a tsakanin na asali don motsi ya yi santsi, kuma ba za su iya yin haka ba sai sun riƙe hoton da ke hannu sun jira na gaba ya iso. Wannan aikin kan ci hoto biyu ko uku, wato milisakan 80 zuwa 120. Talabijin ya san tsawon lokacin da yake ɓatawa, don haka yakan riƙe sautinsa shi ma na daidai wannan lokacin, su fito tare. Shi ya sa ba ka taɓa ganin matsala da sifikarsa ta ciki ba.

Da ka jona sawunba sai lissafin ya rikice. Talabijin ya riƙe sauti har hoto ya shirya, sannan ya miƙa wa sawunba. Ita kuma sawunba tana da nata aikin. Idan sautin ya zo mata a dunƙule, irin na Dolby Digital, sai ta kwance shi, ta rarraba shi, ta ƙara masa gyare-gyarenta, sannan ta fitar. Duk lokacin da ta ci a nan, hoto ya riga ya bayyana. Wannan ce matsalar da ta fi yawa: murya a makare.

Me ya sa wani gidan ba sa lura, wani gidan kuma abin ya hana su sakat? Saboda kunne da ido suna da rangwame, kuma rangwamen ba daidai yake ta ɓangarorin biyu ba. Tun muna yara mun saba ganin abu kafin mu ji shi. Ka hango mata suna daka daga nesa, taɓarya ta sauka sannan ƙarar ta iso. Walƙiya ma ita ke riga tsawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa, wato kowace mita tana ci masa milisakan 3. Ƙwaƙwalwa ta saba yafe wa sautin da ya makara, amma sautin da ya riga abin da ya haifar da shi ba ta taɓa cin karo da shi a duniya ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a 1998, mai lamba BT.1359-1, bisa gwajin da aka yi da masu kallo. An gano cewa mutane kan fara lura idan murya ta riga hoto da milisakan 45, amma idan makara ta yi, sai ta kai 125 kafin a farga. Ka ga ke nan, idan har ka iya ganin makarar murya da idonka ba tare da wata na'ura ba, to ta haura hoto uku.

A nan ne kuskuren da na ambata da farko yake. Wurin nan da aka rubuta Audio Delay, ko Lip Sync, ko AV Sync, a yawancin na'urori abu ɗaya kaɗai ya iya: ƙara wa sauti jinkiri. Kamar motoci biyu ne suka tashi daga Samaru za su haɗu a Kwangila. Wadda ta riga isa, ana iya ce mata ta tsaya ta jira 'yar'uwarta. Wadda ta maƙale a cunkoso kuwa, ba a gyara zuwanta da cewa ta ƙara tsayawa, sai dai a sauya mata hanya. Idan muryarka ta riga, wannan maɓallin naka ne. Idan ta makara, ka mayar da shi sifiri a talabijin, a sawunba, da a dikoda idan tana da shi, sannan mu nemo wata hanyar. Musamman mai kayan hannu ya duba, don mai shi na farko yana iya barin adadi a ciki tun daga can inda kayan ya fito.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce gida ne a Hayin Dogo. Akwai dikoda da ta shiga talabijin da wayar HDMI, sawunba kuma an haɗa ta da talabijin ta bulutut, don uwargida ba ta son wayoyi suna reto a bango. Ana kallon labarai a Arewa24, baki yana gaba, murya na biye. An gwada sifikar talabijin, komai lafiya.

Wanda ake fara tuhuma shi ne bulutut. Kafin sauti ya bi iska sai an matse shi, an yanka shi ƙulli-ƙulli, a aika, ɗaya ɓangaren ya tara ƙullin da dama a ajiye saboda gudun yankewa, sannan ya kwance. Bulutut na gama-gari yakan ci milisakan 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. Wannan hoto huɗu ne zuwa biyar, ya wuce iyakar 125 ɗin nan. Don jin waƙa daga wayar hannu babu laifi, tunda ba bakin da ake kallo. Akwai wani nau'i mai saurin gaske, aptX Low Latency, da ke saukowa kusan milisakan 40, amma sai talabijin da sawunba duk suna da shi, kuma hakan ba kasafai ba ne. Ni dai shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: uwargida ta yi haƙuri a sa waya, a ɓoye ta a bayan kabad.

Wace waya? Ka leƙa bayan talabijin. Idan a cikin ramukan HDMI akwai wanda aka rubuta wa ARC ko eARC, kuma sawunba ma tana da irinsa, wannan shi ne zaɓin farko. Ka kula, rami ɗaya ne tak mai wannan rubutun, sauran ba sa mayar da sauti waje. ARC ya shigo ne da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017. Fifikonsu shi ne na'urorin biyu suna iya gaya wa juna lokacin da kowanne ke ɓatawa, a daidaita ba da sa hannunka ba. A ARC wannan ganin dama ne ga kamfani, shi ya sa wani haɗin ke dacewa wani ba ya yi. A eARC kuwa an wajabta shi. Sai ka kunna abin da ke ba su damar magana da juna, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony ke kira Bravia Sync, wasu kuma su rubuta CEC kawai.

Idan babu ARC, akwai ramin da aka rubuta wa Optical, mai jan haske a ciki. Wayarsa tana kai sauti da kyau, sai dai hanya ɗaya take bi. Sawunba ba ta da yadda za ta aika wa talabijin cewa ya dakata mata.

To a gidanmu na Hayin Dogo an cire bulutut an sa Optical. Abin ya ragu ƙwarai, amma mai ido yana ganin saura. Mataki na gaba yana cikin saitin sauti na talabijin, wurin da ake zaɓar irin sautin da zai fita. A Samsung sunansa Digital Output Audio Format, a LG kuma Digital Sound Output. Za ka ga Auto, ka ga PCM, a wasu ka ga Pass Through. Auto na nufin talabijin na iya kwance sautin ya sake dunƙule shi, sawunba kuma ta sake kwancewa, aiki biyu ke nan. PCM na nufin talabijin ya kwance sau ɗaya ya miƙa a shirye, sawunba ta fitar kawai. Pass Through kuwa talabijin bai taɓa shi ba, ya miƙa yadda ya zo. Ka fara da PCM. A gidaje da yawa nan maganar ke ƙarewa.

PCM yana da farashinsa, kada in ɓoye muku. Ta Optical ko ARC, ɓangare biyu kaɗai yake ɗauka, dama da hagu. Mai sawunba mai ƙananan sifiku na bayan kujera zai rasa ainihin sautin kewayen nan, shi sai ya gwada Pass Through. Amma mai sawunba ɗaya da akwatin ƙarar ƙasa ɗaya, wanda shi ne akasarinmu, ba abin a zo a gani da zai rasa. Ita ma sawunbar a cire ta daga Surround ko Movie ko duk wani saitin ƙawa, a mayar da ita Standard, don kowace ƙawa tana cin lokaci. Masu LG kuma su duba AV Sync Adjustment, akwai zaɓin Bypass a ciki. Shi yana hana talabijin riƙe sautin nan da yake yi don jiran hoto, sai sautin ya fita da wuri, lokacin da sawunba ke ci ya cike gurbin.

Idan duk wannan bai wadatar ba, akwai dabarar da na fi so, wato a juya matsalar ta koma irin wadda ake iya gyarawa. Maimakon sauti ya ratsa ta talabijin, a kai shi sawunba kai tsaye daga dikoda. Idan sawunbarka tana da ramin HDMI IN, dikoda ta shiga nan, sannan wata wayar ta tashi daga sawunba zuwa talabijin. Idan ba ta da shi, hoto ya bi HDMI zuwa talabijin, sauti kuma ya bi wayar ja da fari ko Optical daga bayan dikoda zuwa sawunba. Yanzu sauti ba ya jiran kowa, sai ya zama shi ne a gaba.

Mu yi lissafi. A ce talabijin na cin milisakan 120 wajen gyaran hoto, sawunba na cin 30. Murya za ta riga baki da 90, ninki biyu na abin da ido ke yafewa. Yanzu ne Audio Delay na sawunba zai yi aikinsa, a ƙara 90 a huta. Da yake ba ka da na'urar awo, ga yadda za ka kamo adadin. Ka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan daga sifiri har ka daina jin murya tana riga, ka rubuta adadin, a misalinmu wajajen 50. Ka ci gaba da ƙarawa har ka fara ganin ta makara, wajajen 210 ke nan. Ka ɗauki tsakiya, 130. Za ka lura ya ɗara 90 da kusan arba'in, kuma hakan ba laifi, domin ya karkata ne ta ɓangaren da kunne ke yafewa. Ka yi gwajin kana zaune a inda ka saba zama.

Idan sawunbar ba ta da wurin ƙara jinkiri, sai a rage na hoto. Ka kashe santsin motsin nan, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung ke kira Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Ko ka sa talabijin a Game Mode, wanda aka yi shi don masu buga gem, yana tsallake yawancin gyaran hoto. Amma ka tuna wannan maganin muryar da ta riga ne. Wanda tasa ta makara ya sa Game Mode, hoto na iya ƙara yin gaba, tazarar ta ƙaru. Haka kuma dabarar kai sauti kai tsaye ba ta shafi YouTube da makamantansa da ke cikin talabijin ɗin ba, tunda su daga ciki sautinsu ke fitowa. Su sai PCM ko Pass Through.

(Gajeren kiɗa)

Akwai waɗanda duk wannan bayanin bai shafe su ba. Idan tasha ɗaya ce kaɗai ke yi, sauran lafiya, daga masu watsawa ne, kada ka ɓata saitinka saboda su. Idan shiri ya fara daidai, bayan awa guda tazara ta yi ta faɗi, wannan ba jinkirin sawunba ba ne, don nata tsayayye ne, ba ya girma. Dikoda ce ko manhajar kallo lissafinta ya zame. Ka sauya tasha ka dawo, ko ka kashe ta daga soket ka kunna. Idan kuma jiya lafiya, yau bayan an ɗauke wuta an tada janareta abin ya rikice, to na'urorin sun farka a hargitse ne ba su gaisa da kyau ba. Ka zare su duka daga wuta na minti ɗaya, ka kunna talabijin, sai sawunba, sai dikoda.

Finafinan da ake turawa a filasha ko memori kuwa, sau da yawa tun wajen matse su don su yi ƙanƙanta aka raba sauti da hoto. Irin wannan a kwamfuta ake gyara shi. A manhajar VLC, maɓallin J da na K suna matsar da sauti baya ko gaba da milisakan 50 kowane dannawa. Ita tana iya matsarwa ta kowane ɓangare saboda fim ɗin gaba ɗaya yana hannunta, ba kamar tashar da ke zuwa kai tsaye ba.

Masu gidajen kallo, ku akwai ƙarin lissafi a kanku. Idan sifika tana gaba kusa da allo, wanda ke bencin baya a nisan mita 15 yana samun ƙarin makarar milisakan 45 daga iska kaɗai. Idan na'urarku ta riga ta makara da 90, na gaba ba zai ga komai ba, na baya kuwa ya kai 135, ya tsallake iyaka. Shi ya sa na baya ke ƙorafi a hirar bayan wasa, na gaba yana ce masa rigima ce. Ku riƙa saiti daga tsakiyar ɗaki, ko ku ja wata sifikar da waya zuwa baya.

Ga mai shirin shiga Sabon Gari sayayya, kafin ya bar gida ya ɗauki hoton bayan talabijin ɗinsa da wayar hannu. A shago ya juya sawunbar ya duba ramukanta, ya nemi ARC, ya fi son mai HDMI IN, ya tambaya ko ana iya ƙara mata jinkiri a rimot. Wadda ba ta da komai sai bulutut da ramin filasha, ta waƙa ce. Kada kuma a sayar masa da wayar HDMI mai tsada da sunan ita ce maganin makara, domin jinkirin a cikin na'urori yake faruwa, waya ba ta riƙe sauti. A sa mai shago ya jona ta da waya, a kamo tashar labarai, a kalli laɓɓan mai karantawa kafin a ƙirga kuɗi.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)